Kujerar kamfani ta biya sau huɗu, ko ta Hukumar Alhazai?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na ga tallar wani kamfanin tafiye-tafiye: kujerar Hajji naira miliyan 12, tashi 1 ga Zulhajji daga Kano, dawowa 20 ga wata, biya sau huɗu, miliyan uku-uku, na ƙarshe a Shawwal. Can ƙasa an rubuta wai farashi na iya canjawa gwargwadon dala. Mahaifiyata nake son biya wa, ba ta taɓa zuwa ba. In shiga wannan, ko in bi ta Hukumar Alhazai a nan Zariya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya cika maka buri, Ya kai Inna ɗakinSa lafiya.

Fara da layin nan na can ƙasa, domin shi ne ainihin farashin. Kusan duk abin da ke cikin kujera da kuɗin waje ake sayensa: jirgi da dala, masaukin Makka da Madina da tantin Mina da motoci da abinci da riyal. Riyal kuwa a ɗaure take da dala, 3.75 kan dala ɗaya, shekara da shekaru. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane ɓangare ita ce: idan naira ta faɗi tsakanin biyan farko da na ƙarshe, wa zai ɗauki asarar?

Mu yi lissafin da alƙaluman tallar. A ɗauka ranar da aka buga ta dala tana naira 1,500, wato kujerar dala 8,000 ce. Ka biya kashi uku, miliyan 9, dala ba ta motsa ba. Ana saura mako biyu ka biya na huɗu sai ta haura 1,800. Idan kamfanin yana canja kowane kashi ranar da ya shiga, yana rubuta maka a rasit cewa ka biya dala 2,000, to ka riga ka sauke dala 6,000, saura 2,000. Cikonka naira miliyan 3.6 ne, ƙarin dubu 600 ke nan a kan abin da ka shirya. Da zafi, amma ana iya haɗa shi. Idan kuwa naira kawai ake rubuta maka, sai a ƙarshe a sake lissafin kujerar gaba ɗaya, to dala 8,000 ta zama miliyan 14.4. A cire miliyan 9 ɗinka, cikonka miliyan 5.4. Talla ɗaya ce, biya sau huɗu ne a duka biyun, amma tsakaninsu akwai naira miliyan 1.8, kuma ba za ka gane wanne ka shiga ba sai ka tambaya ko ka duba rasit ɗin farko. Rasit ɗin da babu dala ko riyal a jikinsa, babu farashin canjin ranar, tsari na biyu ne, ko da an yi maka daɗin baki a ofis.

Kada ka ɗauka bin hukuma ya tsare ka daga wannan. A can ma kafin alƙalami ake fara ajiyewa da naira, sai daga baya Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanar da cikakken kuɗin kujera, kowa ya kawo ciko. Mun ga abin da ya faru a 2024. An ce a ajiye miliyan 4.5, aka sanar da kujera ƙasa da miliyan 5, sai ga shi a watan Maris an nemi waɗanda suka gama biya su ƙara kusan miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, saboda naira ta zube. Shekara guda kafin nan kujerar ba ta kai miliyan 3 ba. A 2025 ta 'yan Arewa ta kai kusan miliyan 8.4. Bambancin shi ne a hukuma ƙarin na kowa da kowa ne, a fili ake sanar da shi, gwamnoni da 'yan majalisa da gidajen rediyo duk suna magana a kai. A kamfani kai kaɗai ne da takardar da ka sa wa hannu. Kamfani nagari mai kulle maka canji kashi-kashi ya fi hukuma a wannan fanni, in faɗi gaskiya. Wanda ba ya kullewa kuwa ya fi ta haɗari nesa ba kusa ba.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai shi ne Shawwal. Saudiyya ta daɗe tana janyo wa'adodinta gaba. A Hajjin 2025, wa'adin kammala yarjejeniyoyin hidima ya faɗo ne a tsakiyar Fabrairu, wato tsakiyar Sha'aban, kusan wata huɗu kafin Arfa. Kuma ba a fitar da bizar Hajji sai an biya wa mutum gurbinsa a Mina da Arfa da masaukinsa a tsarin Nusuk, wato manhajar Hajji ta gwamnatin Saudiyya. To idan kashinka na ƙarshe sai Shawwal, wa ya biya wa Inna tanti a Sha'aban? Ko dai kamfanin yana da jarin da zai biya ya jira ka, wannan alheri ne, kuma ba zai ji nauyin nuna maka shaidar biyan ba. Ko kuma yana haɗa kuɗin wannan ya toshe ramin wancan, yana fatan kowa zai cika a kan lokaci. Ko kuma, wanda ya fi muni, ba bizar Hajji yake shirin nema ba, ta ziyara ce. Wannan na ƙarshe kada ma a fara. Mai bizar ziyara ba shi da katin Nusuk, ba shi da tanti, ba shi da mota a Masha'ir, wato Mina da Arfa da Muzdalifa, a ɓoye yake yawo cikin rana. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. A 2025 tarar wanda aka kama ta kai riyal 20,000. Dattijuwa ba ta da abin yi da irin wannan tafiya.

A hukuma wa'adin ya fi tsauri, ba a yi maka lamuni har Shawwal. Idan an rufe, an rufe, sai dai in an yi ƙarin kwanaki ga kowa. Amma akwai hanyar biya a hankali da mutane da yawa ba su waiwaya: adashin gata na Hajji, wanda NAHCON ta ƙaddamar a Kano a 2020 tare da bankin Jaiz. Asusu ne da sunan maniyyaci, kana zubawa gwargwadon ƙarfinka, wata-wata ko duk sanda ka samu, ba tare da an ɗaure ka da shekara ba. Idan kuɗin bai cika bana ba, yana nan a asusun zuwa baɗi. Aibinsa ɗaya ne, naira ce take kwance, kuma kujera na iya gudu ta bar ta. Kamfani kuma yana ba ka shekara tabbatacciya, amma kuɗin sun bar hannunka sun shiga nasa. Shi ya sa dole a rubuta maka abin da zai faru idan ka kasa kawo kashi na huɗu, ko Inna ta kwanta rashin lafiya, ko biza ba ta fito ba: nawa za a mayar, nawa za a cire, cikin kwana nawa, da naira ko da dala, kuma za a iya ɗaga kujerar zuwa shekara mai zuwa ko a'a. "Ai ba za mu ci kuɗinka ba, Alhaji" ba amsa ba ce.

Sai ranakun. Ranar da ke jikin talla niyya ce, ba ta zama rana ba sai an yanki tikiti mai lamba da za ka iya dubawa a wurin kamfanin jirgin. Ga kuma ganin wata, wanda kan matsar da komai da kwana guda. Tashi 1 ga Zulhajji yana nufin kusan babu sarari, domin a al'ada ana rufe saukar jiragen alhazai wajen 4 ga wata, ranar 8 kuma a fita Mina. Jinkirin kwana biyu a Kano ya isa ya tayar da hankalin gida gaba ɗaya. Kuma za ta sauka ne ta yi Umara cikin cunkoso mafi tsanani, ta wuce Mina, Arfa, Muzdalifa da jifa jikinta bai saba da zafin ƙasar ba, Madina sai bayan Hajji. Ma'aikaci mai ɗan gajeren hutu ko ɗan kasuwan da ba zai iya rufe shago wata guda ba, wannan tsari ya yi masa daidai, kwana ashirin ya je ya dawo. Hukuma kuma ba ta ba ka rana tun farko. Sawu-sawu ake kira, wani lokaci a yi zaman jira a sansanin alhazai a Kaduna, kuma tafiyar kan haura wata guda. Amma yawanci ana fara sauka Madina, a huta, a saba, sannan a shiga Makka da sauran lokaci.

Ga wadda ba ta taɓa zuwa ba, abin da ya fi mini nauyi shi ne mutanen da za ta zauna da su. A tawagar jiha za ta yi bita tun daga gida da Hausa, za ta haɗa ɗaki da matan Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru ko cikin birni, akwai malamai da jami'in ƙaramar hukumarta da asibitin alhazan Najeriya, akwai wadda za ta riƙe mata hannu a hanyar Jamrat ta kuma tuna mata shan maganinta. Ana kuma ba da guzuri daga cikin kuɗin kujera, dala 500 aka bayar a 2024. Masaukin kan yi ɗan nisa da Harami, ɗakin mutum huɗu ko fiye, wannan gaskiya ne. Kamfani na iya ba ta otal kusa da Harami da tanti mafi sanyi, amma sai an rubuta sunan otal ɗin, mutum nawa a ɗaki, wane rukunin tanti, abinci sau nawa, hadaya tana ciki ko a'a, guzuri fa, kuma wace mace ce za ta kula da dattawa. Tallar da ta ce "kusa da Harami" kawai ba ta faɗi komai ba.

Idan da ni ne, kuma Inna ita kaɗai za ta tafi, ofishin jami'in alhazai na ƙaramar hukuma zan nufa, in sanya abin da ke hannu a matsayin kafin alƙalami ko a adashin gata, in kuma ware wani abu a gefe saboda ciko. Idan kuwa tare za ku tafi, ko akwai ƙanwarka da za ta raka ta, kamfanin abin dubawa ne, bisa sharaɗin ka je ofishinsu da ƙafarka kafin ka tura ko sisi. Ka nemi lasisin NAHCON na wannan shekarar, ba na bara ba, ka duba sunansu a jerin da hukumar ke fitarwa. Ka tambayi ta hannun wane babban kamfani kujerunsu suke fitowa, domin ƙanana da yawa a ƙarƙashin wani suke shiga. Rajistar kasuwanci kaɗai ba ta ba kowa kujerar Hajji. Kuɗin kuma su shiga asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ba na manaja ko na wani dillali a unguwa ba, komai sanin da ka yi masa.

Ko wacce hanya ka zaɓa, duba fasfon Inna a wannan makon. Ana so ya zama da sauran aƙalla wata shida daga ranar tafiya, kuma sunan da ke jikinsa ya yi daidai, harafi da harafi, da na katin ɗan ƙasa da na rasit ɗin da za a rubuta mata.