Taƙi, ƙafa ko taku: da wanne za ka auna kafin ka ciro kuɗi?

Wanda zai sayi katifa, ko ledar ɗaki, ko fili, sau da yawa ba da tef a aljihu yake fita ba. Abin da ke tare da shi kullum shi ne hannunsa da ƙafarsa, kuma da su kakanninmu suka yi ciniki: kamu wajen ƙyalle, gaba wajen igiya da zurfin rijiya, taƙi wajen ƙananan abubuwa. Har yau suna aiki. Sai dai yanzu kaya da inci da mita ake yanka su, kuma wanda bai taɓa ɗora jikinsa a kan tef ba, lissafinsa da na mai sayarwa ba za su haɗu ba. Ni da kuɗina na koyi wannan, shi ya sa zan fara da taƙi.

Taƙi, wasu su ce dani, shi ne daga kan babban yatsa zuwa kan yatsan tsakiya idan an buɗe hannu. Na daɗe ina ɗauka nawa inci 9 ne, don haka na ji ana faɗa. Da zan sa a yi mini kabad a wani lungu tsakanin bango da ƙofar ɗaki, na auna wurin na samu taƙi 8 cif. Takwas sau tara, inci 72, wato ƙafa 6. Haka na faɗa wa kafinta, shi kuma ya yi abin da aka ce masa. Ranar da aka kawo kabad ɗin ya ƙi shiga, ya leƙo bakin ƙofa da kusan taƙi guda. Kafintan ya zaro tef ɗinsa ya auna lungun, ya ce, "Malam, santimita 166 ne nan. Ƙafa shida kuwa 183 ce. Wa ya auna maka?" Na ce ni ne. Bai ƙara cewa komai ba, sai kuɗin gyara da ya yanka mini.

Kuskuren nawa biyu ne a haɗe. Na farko, taƙina bai kai inci 9 ba. Na biyu, kuma shi ne wanda mutane ba sa lura da shi, taƙin da kake yi sau ɗaya kana miƙe yatsu iya ƙarfinka ba shi ne taƙin da kake yi kana tafe a kan bango ba. Idan na ɗora hannu a kan tef na miƙe sosai ina samun santimita 22. Amma da na yi goma a jere a kan benci, yadda na saba yi ba tare da takura ba, na sa alama a farko da ƙarshe na auna, sai na samu santimita 208. Raba shi goma, 20.8 ke nan. Wannan shi ne taƙina na gaskiya, kuma takwas ɗinsa su ne 166 ɗin kafinta. Saboda haka kada ka gwada taƙi ɗaya ka ce ka san naka. Yi goma, ka maimaita sau uku da hannun da ka saba, ka ɗauki matsakaicin.

Taƙi ya fi dacewa da abin da bai wuce mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba: faɗin taga, tsayin tebur, bakin tukunya, ko firij zai wuce ta ƙofa. Da zarar ƙirga ta haura takwas ko goma, ɗan zamewar da babban yatsa ke yi a kowane ɗagawa ya taru ya zama abu. Wajen ƙyalle kuwa kamu ya fi shi, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya, don ƙashi ne ba ya miƙewa ba ya tsukewa. Kamu biyu na babban mutum yakan yi kusa da yadi ɗaya, santimita 91 da 'yan kai, amma "kusa" ne kawai. Shi ma a gwada shi.

Awon ƙafa, inda ake ɗora diddige a bakin yatsu ana tafiya kamar mai bin siraɗi, shi ya fi duka ukun tsayawa a kan magana ɗaya, muddin takalmi ɗaya ake sawa. Shi ne na auna ɗaki, tsakar gida ko shago. Amma a nan ne kuma aka fi cutuwa, saboda suna. Ƙafar da magina da masu fili ke nufi santimita 30.48 ce, inci 12. Ƙafar mutum ba kasafai take kai haka ba, ko da takalmi. Sai kuma kalmar "taku", wadda wani ke nufin ƙafar tef da ita, wani ƙafarsa ta jiki, wani kuma takun tafiya. Idan dillali ya ce maka fili taku kaza ne, tambayar farko ita ce: takun wa?

Bari mu bi lissafin a kan filin da aka fi sani a garuruwan Arewa, mai ƙafa 50 da 100. A tef, wannan mita 15.24 ne da mita 30.48. A ce wanda ya taka maka shi tsawon takalminsa santimita 28 ne. Ya jera ƙafa 100 a gabanka, kana ƙirgawa tare da shi, babu inda ya yi coge. Abin da ya auna mita 28 ne, ya gaza da kusan mita biyu da rabi, wato kimanin ƙafa 8 na tef. A faɗi ma 50 ɗinsa mita 14 ce. Idan ka buga faɗi da tsawo, cikakken filin murabba'in mita 464 ne da rabi, wanda aka taka maka kuwa 392. Bambancin ya ɗan haura 72, kusan kashi 16 cikin 100, gurbin ɗakuna biyar masu ƙafa 12 da 12. Ba lallai ma ya yi niyyar cutarka ba, ƙafarsa ce haka.

Gwada ƙafa mai sauƙi ne. Ka sa takalmin da ka fi fita da shi, ka jera goma a kan siminti daga jikin bango, ka sa alama da alli ko gawayi a bakin na ƙarshe, ka auna ka raba goma. Silifas mai faɗin baki da sau-ciki ba tsawonsu ɗaya ba, don haka lambar ta takalmin ce, ba taka ba. Idan naka 28 ne, kana buƙatar ƙafa 109 kafin ka cika 100 na tef.

Takun tafiya shi ne mafi sauri kuma mafi rauni. Amfaninsa a gona ne da babban fili, inda jera ƙafa zai cinye maka yini. Ana gwada shi a doguwar hanya, ba a tsakar ɗaki ba. Ka auna mita 30 a shimfiɗaɗɗen wuri, ka fara tafiya tun kafin alamar farko don jikinka ya kama tafiyarsa ta kullum, ka ƙirga. Ni na je na dawo sau biyu na samu 41, 40, 42, 41. Matsakaici 41, wato kowane taku santimita 73. Da wannan na san tsawon fili mai ƙafa 100 zai ci mini taku 42, faɗinsa 21. In na taka na samu 38, ba na gardama da kowa, sai dai in ce a kawo tef.

Kada ka yi ƙoƙarin buɗe ƙafa don takunka ya cika mita ɗaya. Goma na farko za su yi, daga nan cinya ta gaji su riƙa raguwa ba ka sani ba. Tafiyar da ka saba ita ce mai maimaituwa. Ita ɗin ma tana gajarta a yashi, a kunyar gona, a hawan tudu, da rana tsaka cikin azumi, kuma mai ɗaure da zani takunta ba ɗaya ba ne da ranar da ta sa wando a ƙarƙashin hijabi. Wanda zai taka gona, gara ya sake gwada takunsa a irin ƙasar gonar. Kuma tazarar da ka gani tsakanin 40 da 42 tana gaya maka iyakar abin: a mita 30, kuskuren taku ɗaya santimita 73 ne, ya isa a yi rigimar iyaka a kansa.

To, wane tef za a saya? Iri uku ne a kasuwa. Na tela, mai inci 60 a gefe ɗaya da santimita 150 a ɗayan, shi ne mafi araha, kuma ya isa gwada taƙi da kamu. Aibinsa biyu: tsoho yakan miƙe, sannan akwai wani da ake shigowa da shi daga Sin wanda gefensa ɗaya ba inci ba ne, wani awon ƙasar ne mai santimita 3.3, lambobinsa kuwa sak na inci. Kafin ka biya, ka naɗe shi ka duba inda 10 na gefen inci ya faɗa a gefen santimita. In 25.4 ne, lafiya. In wajen 33 ne, ajiye musu kayansu.

Dogon tef mai hannun naɗewa, mita 30 ko 50, shi ne na fili. Amma in ba gini ko dillanci kake yi ba, sau nawa za ka buƙace shi? Aro ya ishe ka ranar gwada taku da ranar ciniki. Wanda nake ganin ya cancanci kuɗin kowane gida shi ne na ƙarfe mai mita 5, mai inci da santimita a fuska ɗaya, don a Kano ƙafa ake kira, a Maraɗi mita. Mita 3 ya yi kaɗan, ɗaki mai ƙafa 12 ma ya fi ƙarfinsa. Da mai mita 5 za ka auna sau shida a jere ka fitar da mita 30 ɗin gwajin taku.

Idan ka ɗauka a shago za ka ji ƙugiyar bakinsa tana ɗan motsi. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi ta haka, tana matsawa daidai kaurinta don awo ya zo ɗaya ko ka maƙala ta a bakin katako ko ka tokare ta da bango. Na ga masu dukanta da guduma wai su gyara, nan suke ɓata tef ɗin. Abin dubawa shi ne kada ta lanƙwashe, kuma lambobin farko su fito sarai. Kana iya gwada shi nan take da takardar A4, wadda faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7.

Lambobina uku, 20.8 da 28 da 73, suna rubuce a cikin wayata, na takalmi har da sunan takalmin a gefe. Da su nake tace kaya: wannan katifar ba za ta shiga ba, wancan filin da alama bai cika ba. Duk abin da za a yanka, a ƙera, ko a rubuta a takardar ciniki, tef nake sawa, fili kuma sai safiyo ya zo ya auna kusurwa huɗun a gaban maƙwabta kafin in sa hannu.