Shiga lokacin da farashi ya fasa rizistans, ko jiran ya dawo ritest?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Sau uku ke nan ina sayen zinare da zarar ya fasa rizistans, kafin gari ya waye sai ya dawo ya cinye min Stop Loss. Wani ya ce in riƙa jiran ritest. To mene ne bambancin, kuma wanne ya fi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da duba su wane ne ke saye a daidai lokacin da farashi ya ƙetare layin rizistans, wato rufin da farashi ke bugawa ya juyo ƙasa, domin amsar tana can. Idan farashi ya bugi wuri ɗaya sau biyu ko uku yana komawa ƙasa, kowa ya ga wurin, ba kai kaɗai ka ja masa layi ba. Waɗanda suka sayar a gindinsa sun ajiye Stop Loss ɗinsu, odar da ke rufe ciniki don tsayar da asara, kaɗan a samansa, kuma Stop Loss na wanda ya sayar odar saye ce. Masu jiran birekawut, wato fasa layin, su ma sun jera Buy Stop, odar saye da ke tashi idan farashi ya hau ya iso ta, a wuri guda. Da farashi ya leƙa sama sai odojin nan su tashi gaba ɗaya, kyandir ya miƙe kore shar, kai kuma ka ɗauka kasuwa ta yanke shawara. Alhali yawancin sayen na dole ne, kuma sau ɗaya ake yin sa. Wanda aka kora daga cinikinsa ba zai sake saye gobe ba.

A gefe guda kuma, mai babban kaya da yake son sayarwa yana neman wurin da masu saye suka taru, don ya sauke kayansa ba tare da ya karya farashi a kansa ba. Babu wurin da ya fi masa saman layin nan. Idan odojin dole suka ƙare, sabbin masu saye ba su biyo baya ba, sai farashi ya zamo ƙasan layin. Daga nan waɗanda suka saya a sama sun maƙale, Stop Loss ɗinsu kuma odar sayarwa ce, shi ya sa faɗuwar da ke bin birekawut na ƙarya takan fi hawan sauri. Ba sai dillalinka yana leƙen asusunka ba. Ka ajiye odarka ce a inda dubban mutane suka ajiye tasu.

Tunda zinare kake yi, ga abin da ya faru da shi. A watan Agustan 2020 ya kai wajen dala 2,075 kowace oza ya juyo. A Maris 2022 ya sake zuwa wajen 2,070 ya juyo, a Mayun 2023 ma haka. Shekara uku ana kallon rufi ɗaya. Ranar Litinin 4 ga Disamban 2023, jim kaɗan bayan buɗe kasuwa, cikin dare a agogon Najeriya, lokacin da London da New York ke barci kuma ciniki ya yi ƙaranci, farashin ya tsinke ya haura 2,130. Kafin ranar ta ƙare ya rufe ƙasa da 2,040, ya bar dogon lagwani a sama, bayan kwanaki kuma ya gangara ƙasan 2,000. Wata uku bayan haka, a farkon Maris 2024, ya sake ƙetare layin, ya rufe sama da 2,100, bai waiwayo ba. Da ya ja baya a tsakiyar watan, wajen 2,150 ya tsaya, a Afrilu ya wuce 2,400.

Yanzu ɗora mutum biyu a kan waɗannan ranaku. Na farko mai shiga da fasawa ne, ya ajiye Buy Stop a 2,085. Na biyu yana jira kyandir na rana ya rufe a sama, sannan farashi ya dawo ya taɓa tsohon rufin ya ƙi nutsewa, wato ritest ke nan. A Disamba na farko ya shiga yana barci, ya yi ribar dala arba'in da wani abu a kan allo, idan bai farka ya ɗauka ba sai ta koma asara. Na biyu bai shiga ba sam, domin sharaɗinsa na farko bai cika ba. A Maris kuwa na farko ya kama tafiyar tun daga tushe, na biyu ya zauna yana jiran 2,080 da ba ta zo ba. Layi ɗaya, kaya ɗaya, kowannensu ya ci sau ɗaya ya sha ƙasa sau ɗaya. Sai dai asarar ba iri ɗaya ba ce: ɗaya kuɗi ya fita daga asusunsa, ɗayan ribar da bai samu ba ce. Ga mai ƙaramin jari wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Inda jiran ritest ya fi sauya lissafi shi ne wurin ajiye Stop Loss. Bari in yi maka misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce rufin yana 2,080, kyandir ya rufe a 2,100, inda kake hari kuma 2,160. Idan ka saya a 2,100, ina za ka ce "na yi kuskure"? Dole sai ƙasan layin, inda kyandir ɗin ya taso, a ce 2,060. Ka sa dala 40 a haɗari don neman 60. Idan ka matso da shi 2,090 don rage asara, ka ajiye shi a kan hanyar da farashi zai bi ko da birekawut ɗin na gaskiya ne, kuma ina zargin abin da ya cinye ka ke nan a wasu daga cikin ukun. Mai jira kuwa ya ga farashi ya sauko, ya ɗan nutsa zuwa 2,072, ya farfaɗo ya rufe a 2,084. Ya saya a nan, ya ajiye Stop Loss a 2,068, ƙasan lagwanin. Dala 16 a haɗari don neman 76. A wurin yawancin dillalai lot 0.01 na XAUUSD, wato zinare a farashin dala, oza ɗaya ce, wato kowace dala da farashi ya motsa dala ɗaya ce a asusunka. Mai jarin dala 1,000 da ya shiga a 2,100 ya jefa kashi 4 cikin ɗari na jarinsa ko da mafi ƙanƙantar lot ya ɗauka, mai ritest kuwa kashi 1.6. Na farko yana buƙatar cin huɗu cikin kowane ciniki goma kafin ya fita ba riba ba asara, na biyu ko biyu cikin goma ya ci ya tsira.

Da a nan maganar ta tsaya, da kowa ya koma ritest. Amma akwai wani abu da masu koyar da shi ba su cika faɗa ba. Birekawut mai ƙarfin gaske sau da yawa ba ya dawowa, kamar na Maris. Na ƙarya kuwa kullum yana dawowa kan layin, domin ta nan zai bi ya wuce ƙasa. Ke nan idan ka ajiye Buy Limit, odar saye da ke tashi idan farashi ya sauko, a kan layin ka tafi ka kwanta, ka tabbatar wa kanka shiga duk wanda ya lalace, ka kuma rasa mafi kyawu daga cikin na gaskiya. Wanda ya yi haka a 2,080 ranar 4 ga Disamba, farashi ya ɗauke shi a kan hanyar gangara ya wuce da shi. Wannan ya fi shiga da fasawa muni, ko da yake mai yin sa yana ganin haƙuri yake yi.

Don haka taɓa layi ba shi ne ritest ba. Abin da kake jira ka gani shi ne yadda farashin ya dawo, da abin da ya yi da ya iso. Idan ya sauko a hankali, da ƙananan kyandirori, ya ɗauki lokaci fiye da wanda ya ɗauka wajen hawa, wannan alamar masu kwashe riba ce kawai. Idan ya faɗo da kyandir ja guda ɗaya da ya haɗiye koren da ya fasa, kada ka tare shi. Da ya iso wurin, lagwani ya nutsa ƙasa ba laifi ba ne, rufewa ce abin dubawa, kuma a kan ma'aunin lokacin da ka ja layin. Layin da ka ja a kyandir na rana, kyandir na minti biyar ba ya fasa shi, ba ya kuma tabbatar da shi. Dalilin da ya sa tsohon rufi kan zama daɓe shi ma na mutane ne: wanda ya sayar a nan ya ga wuya yana son fita ba asara idan farashi ya dawo, wanda jirgi ya bari yana son shiga a nan, dukansu saye za su yi. Idan farashi ya dawo ba su fito ba, ka sami amsarka ba tare da ka biya ko sisi ba.

Kada kuma ka ɗauki rizistans a matsayin zare siriri. A zinaren nan wani ya ja nasa a 2,070, wani a 2,080, wani kuma bayan Disamba ya mayar da shi can saman lagwanin, kuma wannan na ƙarshen shi ne ya ga wani abu mai kama da ritest a tsakiyar Maris. Ja shi da kauri, ka bar wa Stop Loss ɗan fili a ƙasansa, musamman da dare lokacin da tazarar farashin saye da na sayarwa ke buɗewa. Stop Loss na dala 16 ya fi na dala 40 saurin taɓuwa, wannan ma yana cikin kuɗin da mai ritest ke biya.

Ni a wurinka, da jarin da bai kai ya ɗauki faɗin Stop Loss na birekawut ba, ritest zan bi, in yarda cewa wasu manyan tafiye-tafiye za su wuce ina kallo. Wasu kan raba biyu, rabi a rufewar kyandir, rabi idan ya dawo ya tsaya, amma wanda 0.01 ne iyakarsa ba shi da abin rabawa. Kafin ka sauya komai, buɗe tarihin cinikin nan uku ka duba abu biyu a kowanne: ƙarfe nawa ka shiga, kuma kyandir ɗin ya riga ya rufe a saman layin ko yana kan tafiya ka danna Buy. Ka turo mana hotunan mu duba tare.