Adashi ko bashin asusun mata

A Damagaram, gurguwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da banki ya hana wa rance don rashin jingina tana da hanya biyu.

Adashi ba ruwa a kansa. Mata goma na zuba jaka ɗaya kowane mako, mai kwasa ta ɗauki jaka goma. Amma sai layi ya zo kanki, ko da gyaɗa ta yi araha yau.

Asusun Mata Masu Dubara kuwa, wato ƙungiyar mata da ke tara kuɗi tare su raba a ƙarshen zango, yana ba da bashi lokacin da kike bukata, ki biya da ɗan ruwa, ruwan kuma ya dawo cikin rabon ƙarshe. Matsalarsa zaman mako-mako da tarar fashi. Idan wurin taron na da nisa, kuɗin kabu-kabu zai cinye ribar, don haka tun kafin ki shiga ki nemi a yarda wakiliya ta riƙa kai miki zubi.