Hedifon na Bluetooth ko mai dongul: wanne zai kai ka awa biyar kana gem?

"'Yan'uwa, ku ba ni shawara. Ina buga gem na harbi a PS5 da kwamfuta, wani lokaci awa huɗu zuwa biyar a zaune, muna magana da abokai. Ina sa tabarau. Na rasa tsakanin hedifon na Bluetooth mai batir mai daɗewa da irin wanda ake soka masa dongul a USB. Wanne zan ɗauka?"

Ɗan'uwa, ɗauki mai dongul. Amma bari in faɗa maka dalili, don akwai inda na Bluetooth ya fi shi, kuma cikin masu dongul ɗin ma akwai wanda zai sa ka ciwon kai kafin awa biyu.

Abu na farko ma, PS5 ba ya karɓar sautin hedifon na Bluetooth kai tsaye. Sai ka nemo masa wata 'yar na'ura ka soka, ka ga an dawo kan dongul ɗin da ake gudu. A kwamfuta kuwa zai haɗu, a nan ne za ka gamu da jinkiri. Bluetooth na yau da kullum sai ya dunƙule sautin, ya tara shi kaɗan, ya aika, sannan hedifon ya warware, kuma wannan zirga-zirgar takan ci milisakan 150 zuwa 250. Mai dongul yana amfani da zangon 2.4 GHz ne shi ma, sai dai hanyar tasa ce shi kaɗai, shi ya sa yawanci ba ya wuce milisakan 40.

Mu auna shi da abin da ido ke gani. Gem mai tafiya a hoto 60 cikin sakan, kowane hoto yana ɗaukar kusan milisakan 17. Jinkirin milisakan 200 ke nan hoto 12 sun wuce kafin ƙarar ta iso kunnenka. Wani ya taho ta bayanka, takunsa ya yi ƙara, kai ba ka ji ba sai bayan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A gem na harbi, an riga an gama da kai. Da dongul kuwa hoto biyu ne kacal, kunne ba ya ma lura.

Wani zai ce maka ai shi yana kallon fim da Bluetooth, bakin 'yan wasa da muryarsu suna tafiya daidai. Gaskiya ne, amma dabara ce: manhajar bidiyo tana riƙe hoton ne ta jira sautin. Gem ba zai iya haka ba, domin bai san lokacin da za ka danna ba. In kana so ka gwada da kanka, ka shiga filin atisaye ka riƙa harba harsashi ɗaya-ɗaya kana kallon walƙiyar bakin bindiga. In sai walƙiyar ta ɓace sannan ka ji ƙara, to jinkirin ya yi yawa.

Sai kuma abin da ya fi ɓata wa mutane rai, tunda ka ce kuna magana da abokai. Da zarar makirufo ya buɗe, Bluetooth irin na da yana sauka daga tsarin kiɗa zuwa tsarin kiran waya. Sautin ya koma siriri kamar na tsohuwar rediyo, kuma kunne biyun su riƙa ba ka abu iri ɗaya, ba ka sanin hagu ko dama aka taho. Ni kaina na taɓa shafe mako ina zargin hedifon ɗina ya lalace, ashe wannan ne. Mai dongul yana ɗaukar sautin gem da muryarka a lokaci guda ba tare da ya rage komai ba.

Shi ma yana da tasa matsalar. In ka soka dongul a bayan kwamfuta kusa da abin da ke aiki a ramin USB 3.0, kamar ma'ajiyar waje, za ka iya jin sauti yana tsinkewa, don USB 3.0 yana fitar da hayaniya a zangon 2.4 GHz. Maganin shi ne ka mayar da shi ramin gaba, ko ka sa masa 'yar wayar ƙari ya ɗan yi nisa. Sannan in dongul ya ɓata, sau da yawa hedifon ya zama abin ado. A nan Bluetooth ya fi, don yana haɗuwa da waya da kwamfuta ba tare da ka riƙe wani abu ba.

Batun batir ba zan daɗe a kai ba, domin shi ne abin da aka fi tallatawa kuma shi ne mafi ƙarancin damuwarka. Mai zama awa biyar, duk abin da ya kai awa 20 ya ishe shi kwana huɗu. Pulse 3D na Sony awa 12 aka rubuta masa, wannan sai caji duk bayan kwana biyu. HyperX Cloud Alpha Wireless kuwa awa 300 kamfanin ya ce, kuma mai dongul ne, wato ba dole sai Bluetooth ake samun batir mai daɗewa ba. Ka dai lura da fitilun ado: Logitech G733 awa 29 ne in fitilar tana kashe, awa 20 in tana kunne, fitilar da kai ba ka ma ganinta. Kuma ka tambaya ko yana aiki yana kan caji.

Inda ya kamata ka tsaya ka yi tunani shi ne abin da kai zai ɗauka. Nauyi ya bambanta ƙwarai: Logitech G435 giram 165 ne, Audeze Maxwell kuwa ya kai giram 490. Na biyun ya fi sauti nesa ba kusa ba, amma rabin kilo ne a wuyanka har awa biyar. Ni a ganina kada ka wuce giram 300 da ɗan ɗori. Sai dai ga mai tabarau, matsi ya fi nauyi muhimmanci. Hedifon mai matse kai yana danna ƙafar tabarau a kan ƙashin da ke bayan kunne, minti goma na farko lafiya lau, sai bayan awa ɗaya wurin ya fara zafi. Ka nemi soso mai laushi da ƙafar tabarau za ta nutse a ciki, mai zurfin da kunnenka ba zai taɓa cikin lasifikar ba.

Murfin soson ma da magana. Fatar roba tana toshe hayaniyar waje kuma tana ƙara nauyin sauti, amma tana tara zafi da gumi, kuma in ta tsufa sai ta fara ɓarewa. Ga shi ƙafar tabarau tana buɗe 'yar kafa, nauyin sautin da ka saya dominsa ya zurare ta nan. Na yadi yana shan iska, shi zan zaɓar maka, muddin ɗakinka ba mai hayaniya ba ne. Ka duba ko ana iya cire soson a sauya.

In ka samu damar gwadawa kafin ka biya, ka sa shi da tabaran da kake buga gem da shi, ka bar shi a kai aƙalla minti 20, ka sunkuyar da kai ka ɗago. In ya zame, ya yi sako-sako. In ka cire ka ga shatin tabarau a gefen kanka, ka ajiye shi ka gwada wani. Kuma ka karanta kwalin ka tabbatar an rubuta PS5, don masu dongul da aka yi wa Xbox ba duka ke aiki a can ba.