Wasiƙu biyu zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai

"Ina son yin digiri na biyu a Birtaniya, amma takardar shaidar digirina ba ta fito ba, sakamakon wucin gadi kawai ke hannuna. In zan aika wa jami'a imel da Turanci, in tambayi komai gaba ɗaya ne, ko in taƙaita?"

Malam, mu jera wasiƙu biyu mu gani. Ta farko takan buɗe da doguwar gaisuwa da tarihin mai ita, sannan ta roƙi a aiko da duk takardun da ake bukata da ranar rufewa, ba tare da ta ambaci kwas ko shekara ba. Ma'aikacin ofishin ba shi da abin yi sai ya turo adireshin shafin jami'a, domin sharuɗɗa da wa'adi sukan bambanta daga kwas zuwa kwas.

Ta biyu tun daga kanta ta faɗi abin da ke tafe da ita:

```
Subject: MSc Public Health, September entry: documents and deadline
```

A jimla ɗaya mai ita ya ambaci digirinsa, da matakin da ya fita da shi, da ƙasar da ya yi karatu, ya nuna ya karanta shafin kwas ɗin, sannan ya tambayi abin da shafin bai fayyace ba. A halinka, tambayar ita ce ko za su karɓi sakamakon wucin gadi tare da takardar makin dukan shekarun karatu, wadda suke kira `transcript`, su ba ka gurbi bisa sharaɗi, wato `conditional offer`, kuma zuwa wace rana ce dole takardar shaidar ta isa gare su. A ganina wannan ranar ta fi ranar rufe neman gurbi muhimmanci a gare ka, domin a al'ada sai an cika sharuɗɗa jami'a take bayar da lambar CAS, wadda idan babu ita ba a neman bizar karatu. Tambaya ta biyu, idan akwai, a kan shaidar iya Turanci ce: wasu jami'o'in suna karɓar makin Turanci na WAEC, wasu kuma sai gwajin Turanci na IELTS, wanda galibi ba a karɓar sakamakonsa idan ya wuce shekara 2.

Wasiƙar farko, ko an amsa ta, takan samo rana guda, alhali tallafin karatu yana da nasa wa'adin, wanda sau da yawa yakan riga na neman gurbi. Ta biyu kuwa tana tambayar kowane wa'adi da sunansa. Ka kuma rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a Birtaniya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. A ƙarshen wasiƙar ka sa cikakken sunanka yadda yake a fasfo, tare da lambar neman gurbi idan an riga an ba ka.