Mandi ya yi daɗi amma an shanya ka: a ina za ka faɗi ra'ayinka?

Duk mazaunin Jidda ya san cunkoson gidajen mandi a daren Juma'a. Nama ya yi laushi, shinkafa ta sha romo, amma sai da yara suka fara gyangyaɗi kafin faranti ya iso. Hanyoyi uku mutanenmu ke bi su faɗi abin da suka gani.

Saƙon murya a zauren WhatsApp ban ba shi muhimmanci ba, don fushin ne kawai ke isa kunnen jama'a. Bidiyo kuma tururin shinkafa yake nunawa, ba ya nuna jira.

Ni dai rubutu a Google Maps na fi so. Yakan ba ka damar saka wa abinci taurarinsa daban, hidima daban. Sai ka ba abinci 5, hidima 2, a dunƙule 3 ko 4. Tauraro 1 zalunci ne ga wanda ya wuni a bakin tanderu, 5 kuma yaudara ce ga magidancin da zai kwaso iyalinsa ya zo.

Kafin ka rage maki, duba abin da ka nema. Mandi tun da wuri ake rufe shi a tanderu, zubawa kawai ya rage, don haka jiran minti 50 a kansa sakacin masu hidima ne. Mazbi kuwa a kan duwatsu masu zafi ake gasa shi, dole ka ba shi lokacinsa. In kuma sallar Isha ta ratsa tsakani, cire wannan daga lissafi. Idan a wurin mai karɓar kuɗi ka biya tun farko, rasit na ɗauke da lokacin da ka yi oda. Sai ka rubuta kamar haka: "Daren Juma'a, mu shida, mandin rago. Mun biya 9:10, an kawo 10:00, babu wanda ya zo ya ba mu haƙuri. Naman ya nuna sosai. Mai sauri ya yi waya tukuna."

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sharhin bogi. An taɓa miƙo min shayi kyauta a wani gidan abinci, wai in saka taurari 5 nan take, alhali abincin bai ma iso ba. Na ƙi. Irin wannan ne ke sa ka ga wuri da maki mai yawa, ka je ka sha zama. Alamar sharhin bogi ba ta ɓuya: yabo birjik cikin kwana biyu, kalmomi iri ɗaya, babu sunan abinci ko ɗaya, kuma mai asusun bai taɓa sharhin wani wuri ba. Haka masu bidiyon da aka gayyata: su ai kafin su zauna an jera musu faranti, ina za su san jira?

Kada kuma fushi ya sa ka kira sunan ma'aikaci, ko ka ɗauki hotonsa, ko ka ce masu wurin macuta ne. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, kan ɓata suna.