Gyara ko ƙari: wanne ake cirewa daga kuɗin haya kafin a biya haraji?

"Jama'a don Allah a taimaka. Bana na gyara rufin gidan da nake bayarwa haya saboda yoyo, na yi fenti, sannan na ƙara banɗaki guda. Duk zan iya cire su daga kuɗin haya kafin a lissafa min haraji?"

Malam, biyu za su fita, ɗaya ba zai fita ba. Abin da masu haraji ke dubawa ba yawan kuɗin da ka kashe ba ne, tambayarsu ita ce bayan an gama aikin gidan ya koma yadda yake da ne, ko ya zama wani abu da ya fi da?

Gyara shi ne maido da abu yadda yake. Kwano ya huje ka canza wanda ya huje, silin ya ruɓe da ruwa ka sake shi, fenti ya koɗe ka shafa sabo, wannan kuɗin tafiyar da haya ne, ana cire shi gaba ɗaya a shekarar da aka yi aikin. Shi kuwa ƙari, abin da babu shi a da ne ka samar, kamar banɗakin nan naka, kuma jari ake ɗaukarsa, ba a cire shi a dunƙule daga hayar shekara. Ba wai ya tafi a banza ba fa. A Birtaniya sai ranar da ka sayar da gidan ake haɗa shi da kuɗin saye ya rage maka harajin ribar sayarwa, a Amurka kuma ana rarraba shi kaɗan kaɗan cikin shekara 27.5 idan gidan zama ne.

Mu sa lamba a gani. A ce hayar shekara 12,000, inshora da kuɗin ejan 1,500, rufi 1,200, fenti 600, banɗaki 4,000. Lissafin daidai, ka cire 1,500 da 1,200 da 600, ribar da za a yi wa haraji ta zama 8,700. In ka cusa banɗakin a ciki sai ta faɗo 4,700. A ce harajin kashi 20 ne cikin ɗari, to 1,740 ya kamata ka biya amma ka biya 940, wato 800 ta ɓace, kuma ranar da aka binciko ba ita kaɗai za ka biya ba, har da kuɗin ruwa, wataƙila da tara.

Inda ake yawan rikicewa shi ne aikin da ya faɗo tsakiya. Kicin mai kabad shida sun lalace ka sa shida irinsu, gyara ne ko da sabbin sun fi kyau, ai dole sabo ya fi tsoho. Amma in ka sa tara, ukun da suka ƙaru ƙari ne, sai a raba kuɗin. Haka in irin kayan da ka cire an daina yayinsu ka sa na zamani da ya maye gurbinsu, hukumar harajin Birtaniya ta yarda cewa canza taga mai gilashi ɗaya da mai gilashi biyu gyara ne, tunda ita ce yanzu kowa ke sawa. Rufin ma sai da lura, facin yoyo gyara ne a ƙasashen biyu, amma in ka yaye rufin duka ka sake sabo Amurka za ta ce jari ne, Birtaniya kuwa galibi ta bar shi a gyara don rufi ɓangaren gida ne ba gidan ba. Shi ya sa dokar inda gidan yake ita za ka bi.

Sai wani tarko kuma, in gidan sabon saye ne kuma ka same shi da araha don ya lalace har ba ya zaunuwa, aikin da ka yi kafin ɗan haya na farko ya shiga yana iya zama jari ko da kamarsa kamar gyara, don a ganin masu haraji cikon kuɗin saye ne.

Ni dai abin da na fi ganin yana kada mutane rasit ne. Ɗan kwangila ya rubuta layi ɗaya, "aikin gida, 5,800", to ta ina akanta zai san nawa ne na rufi nawa ne na banɗaki? Ka koma ka sa ya rarraba maka, kowane aiki da kayansa da kuɗin hannunsa daban. In kana da hoton silin ɗin lokacin da yake ɗiga ka haɗa da shi, rasit ɗin banɗakin kuma ka adana shi har ranar da za ka sayar da gidan.